Robar Hanci ko ta Ciki: Wacce Ta Dace da Mahaifinmu?

"Assalamu alaikum. Mahaifinmu ɗan shekara 68 ya samu shanyewar ɓarin jiki mako uku da suka wuce, haɗiya ta gagare shi, ta robar hanci muke ba shi abinci. Sau biyu ya fizge ta, sau ɗaya ta toshe, jiya da dare kuma ya yi ta tari bayan na ba shi abinci. Likitoci sun ce mu yi shawara a huda masa ciki a sa wata robar. Shin ita za ta hana abinci faɗa masa huhu? Kuma me zan yi kada ta sake toshewa? Ni ce mai jinyarsa."

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da jinya, Allah ya ba Baba lafiya ya ba ki lada.

Bari in fara da tarin jiya, don shi ne ba ya jira. Kada ki sake zuba komai a robar nan, ko da ruwa ne, sai an tabbatar bakinta na ciki yana cikin tumbi. Mutumin da ya saba kai hannu hanci yana iya jan robar santimita goma ko fiye ba tare da ta fita gaba ɗaya ba, sai bakinta ya dawo maƙogwaro, daga waje kuwa filasta na nan daram kamar babu abin da ya faru. Ki duba lambar da ke jikin robar daidai ƙofar hanci, ki kwatanta da wadda aka rubuta ranar da aka sa ta. A manya yawanci tana tsayawa tsakanin 50 zuwa 60. Idan lambar ta canza, ko kuma yau kin ga zazzaɓi, ko numfashinsa ya yi sauri, ko muryarsa ta koma kamar ta mai kurkure baki, ko leɓensa ya yi duhu, likita ya gan shi yau ɗin nan.

Amsar tambayarki ta farko kuwa ita ce a'a. Robar ciki, wadda za ki ji ma'aikata suna kira PEG, ba ta hana abu faɗawa huhu. Na san da yawa daga masu jinya suna sa hannu a takardar yarda da wannan fata a ransu, shi ya sa nake so ki fahimci dalilin. Abin da ke shiga huhun mai matsalar haɗiya ta hanya biyu yake zuwa. Akwai na sama, wato miyau da majinar da ke taruwa a baki da maƙoshi. Lafiyayyen mutum yana haɗiye miyau wajen lita ɗaya a yini bai ma sani ba, wanda haɗiyarsa ta lalace kuwa wani sashe na miyan nan gangarawa yake yi hanyar numfashi, tare da duk ƙwayoyin cutar da ke bakinsa. Akwai kuma na ƙasa, wato abincin da ya riga ya isa tumbi ya taso ya dawo maƙogwaro. Ko ta hanci abincin ya shiga ko ta fatar ciki, tumbin dai ɗaya ne, kuma zai iya dawo da shi. Abin da robar ciki ke kawarwa shi ne haɗarin roba ta zame ta koma hanyar iska. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai yawan fizge roba irin Baba, amma sauran hanyoyin biyu suna nan.

To me ake dubawa wajen zaɓi? Tsawon lokaci ne kan gaba. Ƙa'idar da ake bi kusan ko'ina ita ce, idan ana sa ran mutum zai koma cin abinci da baki cikin mako huɗu zuwa shida, a bar shi da ta hanci. Idan alamu sun nuna abin zai wuce haka, sai a fara maganar ta ciki. Masu shanyewar ɓarin jiki da yawa haɗiyarsu tana dawowa a makonnin farko, don haka ba a gaggawar huda ciki. Wani babban bincike da ake kira FOOD, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2005, ya kwatanta hanyoyin biyu a kan masu irin wannan ciwo, ya kuma nuna waɗanda aka yi wa robar ciki tun da wuri ba su fi samun sauƙi ba, hasali ma mutuwa ko nakasa mai tsanani ta ɗan fi yawa a cikinsu. Tun daga nan aka tsaya a kan cewa a fara da ta hanci a makonni biyu zuwa uku na farko.

Baba yanzu yana daidai kan iyakar ne, saboda haka maganar likitocinsa ba ta zo da wuri ba. Da ni ce a matsayinki, abu ɗaya zan nema kafin in amsa: a sake gwada haɗiyarsa a wannan makon, wanda ya ƙware a gwajin ya yi, a faɗa muku ko akwai ci gaba daga gwajin farko. Idan ya fara iya haɗiye miyansa, tarinsa ya yi ƙarfi, yana ɗan karɓar abu mai kauri a cokali a gaban mai gwajin, to ya cancanci a ƙara masa mako ɗaya ko biyu da ta hanci. A wannan tsakanin ana iya sa masa safar hannu mai taushi, ko a ɗaure robar da wani siririn zare na musamman da ake zagayawa ta bayan ƙashin hanci, idan akwai shi a inda kuke. Idan kuwa babu abin da ya motsa tun ranar farko, ra'ayina ya karkata ga ta ciki. Duk fizgewa ɗaya tana nufin awoyi ko yini guda babu abinci babu magani, sannan a sake tura roba ta hancin da ya riga ya yi rauni, a sake shiga haɗarin ta ɓace hanya. Ga kuma gyambon da take yi a gefen hanci idan ta daɗe. Ki tambayi irin robar da ke hancinsa ma. Mai kaurin nan mai tauri ta kwana bakwai zuwa goma ce, siririya mai laushi ita ke kai makonni.

Aikin sa robar ciki ba babbar tiyata ba ce. Likitoci biyu, Gauderer da Ponsky, su suka fara shi a 1979 a birnin Cleveland na Amurka. Ana zura kyamara ta baki zuwa tumbi, a hura iska, a ga hasken kyamarar ta fatar ciki, a kashe wurin da allura, a yi ɗan ƙaramin yanka a fito da robar. Yawanci bai wuce rabin awa ba, kuma sau da yawa ana fara ba da abinci bayan awa huɗu. Amma yana da sharuɗɗa. Ba a yi wa wanda ruwa ya taru masa a ciki, ko wanda jininsa ba ya daskarewa yadda ya kamata, kuma ana jinkirta shi idan akwai ciwon huhu mai zafi a lokacin. Wannan na ƙarshe ya sa tarin jiya ya shafi shawarar kai tsaye. Ki kuma lissafa wa likitan duk magungunan tsinka jini da Baba ke sha, don akwai waɗanda ake dakatarwa kwanaki kafin aikin, kuma likita ne zai faɗi wanne da yaushe. Kada ku dakatar da kanku. Sannan idan Baba yana fahimtar magana, ko da da kai ko da ido yake amsawa, a tambaye shi. Jikinsa ne. Robar kuma ba ta dindindin ba ce dole, idan haɗiya ta dawo ana cire ta ramin ya rufe.

Yanzu ga abin da ke hannunki, wanda a ganina ya fi zaɓin robar tasiri a kan huhunsa.

Muddin ta hanci ce, kafin kowane abinci da kowane magani a tabbatar da inda take. Bayan duba lambar, sai ki ja ɗan ruwan ciki da sirinji, ko ɗigo kaɗan ya isa, ki ɗiga a kan takardar gwajin pH, wato mai auna tsamin ruwa, ki kwatanta launin da jadawalin da ke jikin kwalin. Idan ya nuna 5.5 ko ƙasa da haka, ruwan tumbi ne. Idan ya haura, ko babu abin da ya fito, ki kwantar da shi ta gefen hagu ki jira minti goma sha biyar zuwa talatin ki sake ja. Idan har yanzu shiru, ki kira ma'aikaci, wataƙila sai an ɗauki hoton ƙirji. Magungunan rage tsamin ciki, irin waɗanda ake ba masu olsa, suna ɗaga wannan lamba, abincin da bai gama wucewa ba ma haka, don haka ki sanar idan yana shan su. Akwai tsohuwar dabarar nan ta tura iska da sirinji a kara abin sauraro a ƙahon zuci a ji ƙara. Har yau ana yin ta, ni ma da ita aka fara koya mini, amma ba abin dogaro ba ce. Robar da ke cikin huhu ma tana ba da wannan ƙarar. Kuma kada rashin tari ya ruɗe ki, domin shanyewar jiki tana kashe jin maƙogwaro, mutum ya shaƙi abu huhu shiru ko gyaran murya bai yi ba.

Sai zama. A ɗaga kai da ƙirji digiri 30 zuwa 45 lokacin cin abinci, a bar shi haka aƙalla rabin awa bayan an gama, awa ɗaya ta fi. Kuskuren da nake yawan gani shi ne a jera filo a ƙarƙashin kai kawai, wuya ya lanƙwashe, gangar jiki tana kwance. Daga ƙugu ake tada mutum. Mai shanyayyen ɓari kuma yana zamewa ƙasa a hankali ko ya karkata ɓangaren da ya mutu, don haka ki sa filo ƙarƙashin gwiwoyinsa da gefen nan, ki riƙa waiwayarsa. Wanka da canza zanin gado da juya shi, a yi su kafin abinci. Na taɓa jinyar wani dattijo da ciwon huhu ya dawo masa sau biyu cikin wata guda, alhali ɗansa yana yin komai daidai yadda aka koya masa. Sai da na zauna na kalli yadda safiyarsu ke tafiya na gane. Yana ba shi abinci a zaune ƙarfe bakwai, ƙarfe bakwai da kwata kuma ya kwantar da gadon ya juya shi don ya goge masa baya ya canza masa ƙunzugu. Muka mayar da gyaran jiki kafin abinci, abin da muka canza ke nan.

Yawan abinci da saurinsa su ma suna da hannu. Bari mu yi lissafi, a ce nauyin Baba kilo 60 ne. Ana ƙiyasta kalori 25 zuwa 30 ga kowane kilo a yini, wato 1,500 zuwa 1,800. Abincin roba na gwangwani ko leda da aka fi amfani da shi yana da kalori ɗaya a kowace mililita, don haka mililita 1,500 za ta kai shi ƙaramin ma'aunin. A raba biyar, mililita 300 ke nan kowane lokaci, da tazarar awa uku zuwa huɗu. Kowace 300 ɗin ta ɗauki minti ashirin zuwa talatin tana shiga. Ki cire abin turawa na babbar sirinji, ki zuba abincin ya gangara da kansa, in ya yi sauri ki sauke hannunki ƙasa kaɗan, in ya yi nawa ki ɗaga. Abincin kada ya zama mai sanyin firij. Na ƙarshe kuma ya kasance awa biyu kafin a kwantar da shi barci. Idan kika ga cikinsa ya kumbura, ko yana yunƙurin amai, ko abinci ya fito ta baki ko hanci, ko ya fara tari ana cikin bayarwa, ki tsaya nan take ki bar shi a zaune. Wanda ya kasa jure wannan sai a rage yawan a ƙara lokutan, ko a koma ɗigo a hankali da na'ura, wani lokaci ma a wuce da bakin robar gaba da tumbi zuwa ƙaramin hanji. Masanin abinci na asibiti shi zai gyara waɗannan lambobi daidai da Baba, musamman idan yana da ciwon suga ko na ƙoda.

Abin da aka fi mantawa shi ne baki. Mutane suna ganin tunda ba ya ci da baki, babu abin wankewa. Bakin da ba a ci da shi ya fi saurin bushewa da tara datti, harshe ya yi fari, majina ta daskare a ganɗa, kuma wannan shi ne abin da miyau ke ɗauka ya kai huhu. Ki goge masa haƙora da harshe da dasashi aƙalla sau biyu a yini da buroshi mai laushi da ɗan man goge baki kaɗan, yana zaune, kansa ya ɗan sunkuyo gaba, ki share da tsumma mai tsabta. Kada ki ba shi ruwa ya kurkure. Ki leƙa kumatun ɓangaren da ya shanye, can datti ke ɓuya. Kuma duk tausayin da ya kama mai zuwa dubiya, kada a ɗiga masa ruwa a baki sai mai gwajin haɗiya ya ba da izini.

Toshewa kuwa, kusan kullum dalilinta ɗaya ne cikin biyu: ba a ɗauraye robar ba, ko magani ya daskare a ciki. Ramin siririyar robar hanci bai wuce milimita biyu zuwa uku ba, abincin da ya kwana a ciki kuma idan ya haɗu da tsamin tumbi guda-guda yake yi kamar madarar da ta tsinke. Don haka ruwa mililita 30 kafin abinci, 30 bayansa, nan take, kada ki ce bari in dawo. Idan da na'ura ake bayarwa, a ɗauraye duk bayan awa huɗu. Ki riƙa tura ruwan kaɗan-kaɗan kina tsayawa, hakan ya fi wanke bangon robar. Ruwan nan kuma yana cikin lissafin abin shansa. Mai kilo 60 yana buƙatar wajen mililita 1,800 a yini, abincin nan 1,500 yana ɗauke da ruwa wajen 1,200, saura 600. Ɗaurayar abinci sau biyar ta ba da 300, ta magani ta kusa cike sauran. Idan likita ya taƙaita masa ruwa saboda zuciya ko ƙoda, sai ku yi lissafin tare.

Magani shi ne inda aka fi yin ɓarna. Kada a taɓa zuba shi cikin abincin. Kada kuma a haɗa ƙwayoyi uku huɗu a daka tare, kowanne shi kaɗai. Ki daka ya zama gari lilis, ki narkar a ruwa mililita 15 zuwa 30, ki tura, ki bi shi da ruwa mililita 10 zuwa 15 kafin na gaba, da 30 a farko da 30 a ƙarshe. Ki kai duk magungunansa wurin mai harhaɗa magani ki ce ta roba ake ba shi, ya duba wanda ke da na ruwa ko mai narkewa. Akwai waɗanda ba a dakawa sam. Idan kin ga SR, MR, XL ko CR a jikin kwali, an yi ƙwayar ne ta riƙa sakin magani a hankali tsawon yini, in aka daka ta sai na yini guda ya shiga jini lokaci ɗaya, kuma a maganin hawan jini wannan na iya faɗar da jinin Baba ƙasa warwas. Masu EC kuma suna da rufin da ke kare su daga tsamin tumbi, ɓawon nan idan ya jiƙe danƙo yake yi ya liƙe roba. Idan abincin gida kuke markaɗawa, siririyar robar hanci ba za ta ɗauka ba sai an tsinka shi har ya rasa amfani. Ta ciki ta fi faɗi, ta fi karɓarsa, bayan an markaɗa sosai an tace. Wannan ma wani dalili ne da za ki sa a ma'auni.

Idan ta toshe duk da haka, ki fara duba ko lanƙwashewa ta yi ko makullin jikinta a rufe yake. Sai ki ɗebi ruwan ɗumi, ba mai zafi ba, a sirinji mai mililita 50 ko 60, ki riƙa turawa kina ja a hankali, kina murza robar tsakanin yatsunki daga sama zuwa ƙasa. In ta ƙi, ki bar ruwan a ciki minti ashirin zuwa talatin ki sake. Kada ki ɗauki ƙaramar sirinji, don ƙarfin matsinta ya fi na babba nesa, tana iya fasa robar a cikin jiki. Kada ki zura waya ko tsinke, kada kuma a mayar da wayar da aka sa robar da ita. Lemon kwalba mai gas da ruwan 'ya'yan itace da ake ba da shawara, tsaminsu ƙara daskarar da abincin yake yi. A asibiti akwai haɗin da ake yi da sinadarin narkar da abinci, idan shi ma ya gaza sai a canza robar. Kada ki kwana kina fama alhali lokacin magungunansa yana wucewa.

Idan kun yanke shawarar ta ciki, kwana uku na farko su ne na sa ido. Ciwon ciki mai tsanani lokacin ba da abinci, ko jini sabo, ko abinci yana ɓulɓulowa ta gefen robar, a dakatar da komai a kira likita. Bayan nan ki riƙa wanke wurin kullum ki busar. Faifan da ke riƙe robar a waje kada ya matse fata, a bar ɗan sarari kamar rabin santimita. Idan wurin ya warke, wajen kwana goma zuwa mako biyu, za a nuna miki yadda za ki sassauta faifan ki tura robar ciki santimita biyu zuwa uku ki juya ta zagaye guda ki dawo da ita, aƙalla sau ɗaya a mako, don kada naman tumbi ya rufe faifan da ke riƙe ta daga ciki ya binne shi. Ki tambaya ko irin tasa ana juyawa, domin wadda aka ɗinke ko mai reshe zuwa hanji ba a juya ta.

Idan kuma ta fita gaba ɗaya, ramin yana fara tsukewa cikin 'yan awoyi. A wata na farko hanyar ba ta gama haɗewa ba, duk abin da aka tura da ka yana iya faɗawa tsakanin tumbi da fatar ciki, saboda haka kada kowa ya gwada mayar da ita a gida. Ki rufe wurin da bandeji mai tsabta, ki ɗauki robar da ta fita a leda don su ga iri da girmanta, ku tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.